Sharhi kan kundin kalmomin Sinanci 500 da na saya kafin tafiyata Guangzhou

Ni ɗan kasuwa ne a Kano, takalma nake sayarwa, kuma shekaru da dama ta hannun wasu nake saro kaya daga ƙasar Sin. Da na yanke shawarar zuwa Guangzhou da ƙafata, sai na ga bai kamata in sauka garin mutane ko gaisuwa ban iya ba. Wata biyu kafin tafiyar na sayi wani kundin kalmomi a intanet, wanda aka tallata shi da cewa ya ƙunshi kalmomi 500 da aka fi amfani da su a Sinanci, kowace da sautinta da ma'anarta. Ba zan ambaci mai sayar da shi ba, domin irinsa suna da yawa kuma kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Na yi kwana 50 ina bitarsa, na yi mako uku a can, kuma ga abin da na gani.

Kundin ana loda shi ne a manhajar Anki, wadda kyauta ce a kwamfuta da wayar Android. Yadda take aiki shi ne ta nuna maka kalma, ka yi ƙoƙarin tuna ma'anarta, in ka tuna ka danna Good, in ka manta ka danna Again. Wadda ka manta za ta dawo maka da ita nan kusa, wadda ka riƙe kuma sai ta jinkirta ta zuwa wasu kwanaki. A tsarinta na asali tana ba da sababbin kalmomi 20 a rana, wato a kwana 25 an zagaye 500 ke nan. Ni na mayar da su 10, saboda bitar na baya taruwa take yi, kuma lokacin da nake da shi shi ne bayan sallar asuba kafin in fita kasuwa. Manhajar ta yi min aikinta yadda ya kamata. Maganata a kan kalmomin da aka zuba a ciki take.

Zan fara da alherin kundin. Kalmomi ɗari da wani abu na farko sun biya kuɗinsu: ni, kai, wannan, wancan, ina, nawa, akwai, babu, so, tafi, zo. Da yào (so) da bú yào (ba na so) da yǒu (akwai) da méiyǒu (babu) kaɗai mutum zai yi rabin cinikinsa in ya haɗa da nuni da yatsa. Sautin da aka ɗauka ma a fili yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Sinanci harshe ne mai karin sauti. Saye shi ne mǎi, sayarwa kuma mài, bambancinsu hawa da saukar murya kawai. Bahaushe bai kamata wannan ya firgita shi ba, tunda mu ma da murya muke raba kukan yaro da kukar miya. Kunnena ya kama abin cikin mako biyu.

Matsalar ta fara ne daga yadda aka zaɓi sauran. An jera su bisa yawan fitowarsu a rubuce-rubuce, kuma da gani ka san jaridu aka ƙirga. Shi ya sa na haddace kalmar al'umma, da ci gaba, da tattalin arziki, da gwamnati, waɗanda ko sau ɗaya ban furta su a mako ukun nan ba. Amma babu kwali, babu kafin alƙalami, babu naman alade, babu halal. Kalmar da ta fi yawa a jarida daban, kalmar da baƙo zai nema ƙarfe goma na dare yana jin yunwa daban.

Inda abin ya taɓa aljihuna shi ne ƙidaya. Kundin ya ba ni ɗaya zuwa goma, ya ba ni bǎi (ɗari) da qiān (dubu), kowace a katinta ita kaɗai, sai na ɗauka na gama da lissafi. A wata kasuwar takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa na ga wani sau-ciki na fata da ya yi min, na tambayi kuɗin ƙafa ɗaya. Mai shagon ta ce yībǎi wǔ. Na fassara a raina: ɗari, biyar, wato 105. Na ce ina son ƙafa 60, na lissafa yuan 6,300, na tafi a kan zan dawo gobe da kuɗi. Washegari ta danna na'urar lissafi ta juyo min da ita, sai ga 9,000. Na yi ta nuna mata cewa ba haka muka yi ba, ita ma tana nuna min cewa haka muka yi, kuma ita ce mai gaskiya. A Sinanci in aka ce yībǎi wǔ ana nufin 150, an taƙaita hamsin ɗin ne. In 105 ake nufi dole a saka sifili a tsakiya, a ce yībǎi líng wǔ. Bambancin yuan 45 ne a kowace ƙafa, 2,700 a jimla, kuma na riga na tsara sauran sayayyata a kan kuɗin da babu su. Na rage odar zuwa ƙafa 40, muka rabu lafiya, amma na ji kunyar gardamar da na yi da baiwar Allah a kan kuskurena.

Da dare na ba wani dattijo ɗan garinmu labari, wanda ya daɗe yana zama a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa. Ya ce min, "Alhaji, ai lissafin nan sai an zauna da shi, ba a haddace shi ɗaiɗai." Ya ɗauko takarda ya nuna min sauran ramukan. Sinawa ba sa ƙirga manyan kuɗi da dubu-dubu kamar mu. Suna da wàn, wato dubu goma, don haka 35,000 a bakinsu wàn uku da biyar ne. Biyu tana da suna biyu: èr wajen ƙirga, liǎng in ana faɗin adadin abu. A rubuce kuɗinsu yuan ne, amma a baki kuài za ka fi ji. In ka ga an rubuta 8 da alamar zhé a jikin kaya, kashi 80 cikin ɗari na kuɗin za ka biya, ragin kashi 20 ne kawai. In mai 'ya'yan itace ya faɗi kuɗin jīn, rabin kilo yake nufi, giram 500. Sannan mutanen kudu da yawa suna furta shí (goma) kusa da sì (huɗu), har 14 da 40 su rikice wa baƙo, shi ya sa duk cinikin da ya wuce na abinci sai a sa a danna a na'ura ka gani da idonka. Duk wannan bai kai kalma 20 ba, kuma cikinsu wàn da èr da liǎng da shí da sì kaɗai na samu a kundin, su ma ba tare da bayanin yadda ake haɗa su ba.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne abinci, kuma ga Musulmi wannan ba wasa ba ne. Kundin ya koya min ròu, ya fassara shi da nama kawai. Bai gaya min cewa a jerin abincin Sinawa in aka rubuta ròu shi kaɗai, ba a faɗi na wace dabba ba, galibi naman alade ake nufi ba. Na saniya niúròu ne, na tunkiya yángròu, na kaza jīròu, na alade zhūròu, kitsensa da ake suya da shi kuma zhūyóu. Kalmar da ta fi duka amfani ita ce qīngzhēn, halal ke nan, kuma ita ce kalma ɗaya da nake ganin dole a koyi gane rubutunta, 清真, domin a allon ƙofar gidan abinci ake ganinta, sau da yawa da koren launi. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda Musulmin Sin ke riƙe da yawancinsu, su suka ciyar da ni. In ka ƙara sì a ƙarshenta ka samu qīngzhēnsì, masallaci, kuma da ita na tambayi hanya har na isa tsohon masallacin Huaisheng. Allah Ya taimake ni dattijon nan ya faɗa min waɗannan tun daren farko.

Akwai kuma wani gibi da ban lura da shi ba sai a can. Kundin ya shirya ni in yi tambaya, bai shirya ni in ji amsa ba. Na iya cewa "ina tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa take?" tsaf, amma da mutumin ya buɗe baki ya ce miƙe, juya hagu, tsallaka titi, sai in tsaya ina kallonsa. Duk tambayar da za ka koya, ka koyi amsoshi uku ko huɗu da za a iya ba ka tare da ita. Haka nan mai shago zai tambaye ka Wēixìn ko Zhīfùbǎo, wato da WeChat ko Alipay za ka biya, domin yawancin ciniki da waya ake biyansa. A sani kuma cewa 'yan asalin Guangzhou suna da nasu harshen na Kanton, amma duk wanda na yi ciniki da shi yana jin daidaitaccen Sinancin da kundin ke koyarwa.

Da na dawo na zauna na tace shi. Na bar wajen 220, na goge sauran, na cike gurbin da nawa. Hanyar da na bi ita ce na rubuta yinina guda da Hausa, daga tashi a masauki har kwanciya, duk abin da na faɗa ko aka faɗa min na ja masa layi. Ƙidaya da kuɗi da awo na ba su kusan 60, kuma a haɗe na rubuta su, kamar 150 da 105 da 35,000, kowanne katinsa. Abinci ya ci 50, hanya da mota 50, ciwo da magani da neman taimako 30, ragowar kuma na sana'ata ne: shuāng (ƙafa ɗaya ta takalmi), xiāng (kwali), launuka, lambar ƙafa, ranar da kaya za su fito. Mai zuwa karatu ko jinya wannan kason nasa zai bambanta da nawa.

Shin a saya? In an ba ka damar leƙa jerin kafin ka biya, nemi kalmomi biyar: bayan gida, ciwo, tsada, naman alade, da dubu goma. In uku babu, daga jarida aka tsamo shi, kuma rabinsa kawai zai yi maka aiki. Wanda ba ya son kashe kuɗi zai iya farawa da jerin kalmomin HSK, jarrabawar gwada iya Sinanci ta baƙi, wanda ake samu kyauta. A tsohon tsarinta matakin farko kalma 150 ne, na biyu 300, a ma'aunin da aka fitar a 2021 kuma matakin farko 500 ne. An tsara shi don masu koyo, saboda haka ya fi kusa da rayuwar yau da kullum, amma shi ma sai ka ƙara masa na kasuwa da na halal da hannunka. Ƙanina zai bi ni tafiya ta gaba, kuma kundin da na gyara na tura masa, na ce ya fara da katunan kuɗi kafin gaisuwa.