Excel, Google Sheets ko LibreOffice Calc: Wanne Ya Fi Wajen Haɗa Jimillar Ciniki Rukuni-Rukuni?

A ce kana da shagon kayan masarufi, kana shigar da ciniki a jeri mai ginshiƙi huɗu: Rana, Rukuni, Kaya, Kuɗi. A mako guda ka sayar da shinkafa ta ₦90,000 da masara ta ₦40,000 a rukunin Hatsi, man gyaɗa na ₦35,000 da manja na ₦25,000 a rukunin Mai, sai sabulun wanki na ₦12,000 da na wanka na ₦8,000 a rukunin Sabulu. Abin da kake so ka gani shi ne kowane kaya da kuɗinsa, tare da ƙaramar jimillar rukuninsa: Hatsi 130,000, Mai 60,000, Sabulu 20,000, can ƙasa kuma babbar jimilla 210,000. Wannan shi ne aikin PivotTable, kuma duka manhajojin uku suna yin sa. Bambancinsu yana wajen kuɗi da intanet, da kuma abin da ke faruwa idan ka ƙara sabon ciniki.

Abu ɗaya ya haɗa su: ƙaramar jimilla ba ta fitowa sai ka sa ginshiƙi biyu a ɓangaren layuka, Rukuni a sama, Kaya a ƙarƙashinsa. In ka sa Rukuni kaɗai, layi uku za ka samu da babbar jimilla, shi ke nan.

Excel ya fi ba da sarari. Daga Insert ka zaɓi PivotTable, ka ja Rukuni da Kaya zuwa Rows, Kuɗi zuwa Values. Da kansa yake sa jimillar kowane rukuni a samansa, amma in ka fi son ta a ƙasa yadda aka saba a littafin ciniki, ka shiga Design, sai Subtotals, ka zaɓi Show all Subtotals at Bottom of Group. Aibinsa biyu ne. Na kan kwamfuta saye ake yi. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, idan ka ƙara cinikin yau ka manta ba ka danna Refresh ba, kana iya buga jimillar jiya ka miƙa wa maigida. Ko ka danna ɗin ma, sabbin layukan da ke ƙasan iyakar da ka zaɓa tun farko ba za su shiga ba. Maganinsa shi ne ka mai da jerin Table da Ctrl+T kafin ka fara, iyakar sai ta riƙa faɗaɗa da kanta.

Google Sheets kyauta ne ga mai asusun Google, kuma yana sabunta jimilla da zarar an canza lamba a jeri. Akwatin Show totals da ke ƙarƙashin Kaya shi ke kawo jimillar kowane rukuni, na ƙarƙashin Rukuni kuma shi ke kawo Grand Total. A ƙasan rukuni yake ajiye ta, ba ka da zaɓi. Ya dace da mai shago biyu da yara ke shigar da ciniki ta waya. Sai dai haɗa teburin kansa yana son kwamfuta, kuma ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni aiki yana tsayawa, in ba ka riga ka kunna masa aiki ba tare da intanet ba.

LibreOffice Calc shi ma kyauta ne, in ka sauke shi sau ɗaya ba ruwanka da data. Inda yake rikita sabon shiga shi ne ba ya nuna ƙananan jimilloli da farko. Sai ka danna Rukuni sau biyu a Row Fields, ka mai da Subtotals daga None zuwa Automatic. Babbar jimillarsa Total Result ake kiranta, kuma shi ma yana son Refresh.

Kafin ka yanke, ka gwada da jerinka na gaske, domin yawancin kuskure daga jerin yake fitowa. Idan yaron shago ya rubuta N40,000 da harafi a gaba, manhajar za ta ɗauke shi rubutu ne. Hatsi sai ya koma 90,000, babbar jimilla 170,000, a Excel ma kana iya ganin Count of Kuɗi maimakon Sum of Kuɗi. Wannan gwajin zai tona shi, sifili ya kamata ya bayar:

```
=COUNTA(D2:D500)-COUNT(D2:D500)
```

Idan ka ga Hatsi ya fito sau biyu, an bar tazara a ƙarshen ɗayansu. Idan kuma jimilla ta zama 420,000, ninki biyu cif, akwai layin jimilla da wani ya haɗa da hannu a cikin jerin, sai a goge shi.

Ni dai ga mai shago ɗaya da kwamfuta ɗaya, Calc nake ba shi shawara. In mutum biyu ko uku ke shigar da ciniki daga wurare daban, Sheets. Excel kuwa ya ci kuɗinsa ne idan kowane wata kana miƙa rahoto ga akanta ko banki, kuma tsarin da suka saba gani suke so.