Odar kayan gini: a jibge gaba ɗaya ko a kawo kashi-kashi?

"Salam 'yan uwa. An ba ni foman a wani gini, zan rubuta wa dila takardar odar siminti da rodi. In ce ya kawo duka lokaci guda ne, ko in rarraba masa ranaku?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rarraba masa ranaku, kuma ka sa kowace rana a rubuce.

Wani bene da na riƙe, haka na yi, kuma har yau ina jin daɗin tuna aikin. Ga kusan abin da na rubuta wa dilan: "Alhaji, bayan gaisuwa, muna buƙatar siminti buhu 300, mai kilo 50, a farashin da muka yi tsada yau. Buhu 100 ranar 3 ga wata kafin ƙarfe 10 na safe, buhu 80 ranar 17, ragowar 120 kuma kwana biyu kafin mu zuba dekin, zan sanar da kai tun saura mako guda. Sai rodi sha biyu, wato mai kaurin milimita 12, tan 2, mai tsawon mita 12, a haɗo da zuwan farko. Kuɗin mota da na sauke kaya duk a kanka. Buhun da ya zo a jiƙe ko a fashe, mota ta koma da shi." Ya sa hannu, na sa, kowa ya riƙe kwafi. Kafin zuwan ƙarshe siminti ya tashi a kasuwa, yaronsa ya fara 'yan kame-kame, na zaro takarda. Alhaji ya yi dariya ya ce a loda. Ranar dekin ko lebura ɗaya bai zauna jiran kaya ba, ka kuwa san dekin ba a so a katse zubinsa.

Jibgewa gaba ɗaya tana rage kuɗin mota, iyakar alherin da na gani ke nan. Na taɓa sauke tirela mai buhu 600 da damina, sito na yoyo, na ƙasa suka daskare, mai gini ya zare a hakkina.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan damfara. Tan ɗaya na rodi sha biyu na gaskiya guda 93 ne zuwa 94. In aka ƙirga maka 105 a tan, kada ka yi murna, siriri ne aka kira shi sha biyu. Ka auna tsawon ma da tef, don akwai masu datse shi. Siminti kuma wasu na farke buhu su rage su sake rufewa, saboda haka ka ɗora uku ko huɗu a sikeli kafin ka sa hannu a takardar direba.

Kada ka biya duka a gaba sai ga dilan da ka daɗe da sani. In baƙo ne, ka rubuta cewa kowane kashi sai an sauke an ƙirga za a biya.