Sharhi: Na ba da daftarin Hausa, an mayar mini da wasiƙar neman aiki da Turanci

Hukuncina a taƙaice shi ne aikin ya yi, amma da sharaɗi. Ni mai haɗa sola ne, kuma wani kamfani a Birtaniya ya yi sanarwar neman ma'aikata. Ina jin Turanci, ina karanta littafin na'ura ba matsala, sai dai rubuta wasiƙar da za ta shiga idon baƙo wani abu ne daban. Shi ya sa na rubuta da Hausa, na tura wa wani mai fassara da ke irin wannan aiki ta intanet.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa daftarin ba sai da ya nemi sanarwar aikin da takardar tarihin aikina. Daftarina ya kai shafi biyu. Na buɗe da doguwar gaisuwa da fatan alheri, na faɗi shekaruna da iyalina, na rufe da roƙon a taimaka a duba ni. Duk ya cire. Ya ce mai ɗaukar ma'aikata a can ba ya son ganin shekaru ko aure ko addini, domin dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci a kan waɗannan, kuma roƙo yana sa a ɗauka ba ka da abin nunawa. Raina ya ɗan sosu da cire gaisuwar, amma gaskiyarsa.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne tsakiyar wasiƙar. Na rubuta cewa ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, na daɗe ina wannan sana'a. Sai ya dawo mini da tambayoyi: shekara nawa? Wane girman aiki ka fi yi? Kai kake gwaji kafin a kunna, ko wani? Sanarwar ta ambaci gano matsala a inbata, ka taɓa yi? Na ba shi amsa, shekara shida, yawanci na gidaje masu kilowat 3 zuwa 10, kuma ni nake auna ƙarfin wutar kowane jerin faifan sola kafin a haɗa shi da inbata. Da wannan ya gina sakin layi guda wanda kowace jimlarsa take amsa wani abu da kamfanin ya nema. Ƙwazo da amana ba su fito da sunansu ba, aikin ne ya faɗe su. Wasiƙar ta dawo shafi ɗaya, sakin layi huɗu.

Ya kula da ƙananan abubuwa ma. Tunda sanarwar ba ta ba da sunan kowa ba, ya buɗe da Dear Sir or Madam ya rufe da Yours faithfully, yadda ake yi a Birtaniya. Ya rubuta sunan wata da haruffa, don 03/04 a can uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. Ya kuma sa jimla ɗaya da ta faɗi a fili cewa zan buƙaci kamfanin ya tsaya mini wajen bizar aiki, domin ba kowane kamfani ke da lasisin yin hakan ba.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Na rubuta cewa na taimaka wajen haɗa wani babban aiki a wata makaranta, mu biyar ƙarƙashin injiniya. A Turancin sai na zama ni na jagoranci aikin. Ban lura ba a karatun farko, don jimlar ta yi daɗin ji. Na gane ne da na ba wani abokina wasiƙar na ce ya faɗa mini da Hausa abin da ta ce, ba tare da ya ga daftarina ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar ganawa za su tambayi yadda ka tsara aikin da yadda ka raba shi, ko su tuntuɓi tsohon maigidanka, nan asiri zai tonu. Da na yi wa mai fassarar magana ya ce haka ake ƙawata wasiƙa. Ban yarda ba, ya gyara ba gardama.

Matsala ta biyu, Turancin ya fi bakina. Akwai kalmomi biyu da ko furta su ban iya ba. Wanda ya karanta wannan sannan ya ji ni a waya zai san ba ni na rubuta ba. Na nemi ya sauko da shi daidai yadda nake magana, gyaran kuma yana cikin kuɗin farko.

Zan sake ba shi aiki. Amma wanda zai gwada ya tambaya tun farko ko akwai gyara bayan an miƙa, ya kuma nemi a ba shi fayil ɗin Word tare da PDF, don kowane kamfani sai an sauya masa sakin layi na farko da na biyu.