Wane lokeshan za ka tura wa mai kawo kaya?

"Bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, gida mai jan ƙyaure" kwatance ne na ɗan unguwa. Baƙo a kan babur, sai an haɗa masa da lokeshan.

Mafi sauƙi shi ne na WhatsApp: ka shiga Location, ka taɓa "Send your current location". A ƙarƙashinsa waya na rubuta iya kuskurenta da mita, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Daga cikin ɗaki mai rufin kwano, siginar tauraron ɗan'adam ba ta shiga sosai, sai wayar ta yi kirdado da turken sabis mafi kusa, ta iya jefa ka ɗaruruwan mita daga gida. A cikin birnin Kano, inda lunguna ke manne da juna, ko mita 50 ta isa ta kai mutum wani lungun daban. Fito ƙofar gida, ka tsaya kamar minti ɗaya har lambar ta sauko ƙasa da mita 15, sannan ka tura. In ta ƙi sauka, duba ko "Use precise location" a kashe yake.

"Share live location" kuwa na haɗuwa a bakin titi ne. Yana bin wayar na minti 15, awa 1 ko awa 8, yana shan caji da data. In ka fita kasuwa, can zai kai mai kayan.

Wanda muka fi yarda da shi shi ne dasa alama da hannu a Google Maps. Juya taswirar zuwa Satellite, ka buɗa hoton har ka gane rufin gidanku, ka danna ka riƙe a kan ƙofar, ba tsakar gida ba. Jar alama za ta fito, sai ka taɓa Share. Wannan ba ruwansa da inda kake tsaye, ko kana Kaduna za ka iya turawa. Dalilin zaɓar ƙofa: manhajar na kai mutum hanyar da ta fi kusa da alamar, wadda sau da yawa ta bayan katanga ce. In lungun ba ya cikin taswira, dasa a bakinsa, ka ƙarasa kwatancen da saƙon murya. Aibinsa ɗaya, hoton kan tsufa, sabon gini a sabuwar unguwa zai iya fitowa fili.

In sai ta saƙon tes, kwafi lambobin wurin, wato lambobi biyun nan da Google Maps ke nunawa in ka dasa alama. Ka bar aƙalla lamba biyar bayan ɗigo, wato kuskuren kusan mita ɗaya. Da uku kacal, kuskuren zai iya haura mita 100. Kada ka juya su: Kano tana wajen 12.0, 8.5, amma 8.5, 12.0 can wajen Ganye ne a jihar Adamawa.