Farin layin da ke bin gefen hula: Amount za a rage ko Radius?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na yi wa hoton wani ango Unsharp Mask a Photoshop, Amount 100, Radius 3, Threshold 0, bayan na rage faɗinsa zuwa fiksel 1080. Sai ga farin layi ya zagaye hularsa kamar an bi shi da alli. Na ƙara Threshold, bai tafi ba. Amount zan rage ko Radius?"

Wa alaikumus salam Malam. Radius za ka fara taɓawa. Amma bari in jera maka saiti biyu a kan gefen hula guda, ka ga dalilin da idonka.

Shi Unsharp Mask ba ya dawo da kaifin da kyamara ba ta ɗauko ba. Dabara ce kawai: yana yin kwafin hoton, ya dusashe shi, ya duba inda kwafin ya bambanta da na asali, sannan ya ƙara wannan bambancin a kan na asalin. A tsakiyar sararin sama babu wani bambanci, don shuɗi ko an dusashe shi shuɗi ne. A bakin hula kuwa, inda duhu ya haɗu da haske, bambancin babba ne, sai ɓangaren haske ya ƙara haske, ɓangaren duhu ya ƙara duhu. Wato farin layin nan ba kuskuren manhaja ba ne, shi ne aikin kansa. Duk hoton da aka ƙara wa kaifi yana da shi, sai dai a mai kyau ya yi sirantar da ido ba ya raba shi da gefen. Radius ne ke yanke faɗinsa, Amount kuma ƙarfin haskensa.

To mu sa lamba. Haske a hoto yana tashi daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. A ce samaniyar da ke bayan ango tana kan 200, hularsa kuma tana kan 60, tazara 140 ke nan.

A saitinka, Radius 3 yana jawo duhun hular sosai ya gauraya shi da fiksel ɗin sama da ke manne da ita, har ya sauko wajen 140 a dusasshen kwafin. Bambanci 60. Amount 100 na nufin a ƙara dukansa, 200 da 60 sun zama 260, alhali ma'aunin a 255 ya ƙare. Wurin ya ƙone ke nan, ya zama fari fat. Kuma ba fiksel ɗaya ba ne, hasken yana raguwa a hankali har fiksel biyar ko shida daga bakin hular. A hoton da faɗinsa duka 1080 ne, wannan ba ya ɓuya.

Yanzu ga na biyu: Radius 0.5, Amount 150. Da ganin 150 za ka ce ai wannan ya fi zafi, amma duba lissafin. Dusashewar ƙarama ce, fiksel ɗin nan bai sauko ƙasa da wajen 185 ba. Bambanci 15, a ƙara masa rabinsa, ya zama 22 da ɗoriya. Wurin ya tsaya kusan 222, bai ƙone ba, kuma da ka matsa fiksel ɗaya ko biyu komai ya koma yadda yake. Lambobin nan ƙiyasi ne a kan gefe mai kaifi sosai, amma haka abin yake tafiya a kowane hoto.

Da Amount kaɗai ka rage zuwa 50 ka bar Radius a 3, da wurin ya sauko 230. Ƙunar ta tafi, faɗin yana nan. Abin da za ka samu shi ne wani haske-haske mai bin kafaɗa da kunne, irin wanda mutum ba zai iya nuna shi da yatsa ba amma zai ce hoton kamar an yanko angon an manna. Ni wannan ya fi ba ni haushi a kan layin allin, don shi yakan wuce ba a lura ba sai bayan an kai wa mai shi.

Threshold kuwa ba ruwansa da wannan rigima. Shi mai gadi ne: idan ka sa 4, yana cewa duk inda bambancin bai kai 4 ba a ƙyale shi. Amfaninsa a fatar fuska ne da sararin sama, don kada tsaki-tsakin da kyamara ke fitarwa idan haske ya yi ƙaranci su taso kamar ƙuraje. Bakin hular angon da bambancinsa ya kai 60 ya wuce ta gabansa ko waiwaye babu. Shi ya sa da ka ƙara shi, mai yiwuwa zaren aikin rigar ne ya fara laushi, layin kuma yana nan daram. A hoton mutane, 2 zuwa 5 ya isa. Idan ka haura 10 fata takan yi dabbare-dabbare, nan an taɓa can ba a taɓa ba.

Ban ce Radius 3 haramun ba ne. Da a kan cikakken hoton ka sa shi, mai faɗin fiksel 6000, za a buga shi a takarda da fiksel 300 a kowane inci, fiksel 3 kusan rubu'in milimita ne kawai, kuma bugawa kanta tana cinye wani kaifin. Ina zargin daga irin wannan aikin ka ɗauko lambar. Don haka ka fara rage girman hoto, kaifi ya zo a ƙarshe, kuma ka duba shi a 100%, domin a 33% ko 50% allon yana iya yi maka ƙarya. Na waya, ka fara daga Radius 0.4 zuwa 0.8, ka ɗaga Amount a hankali kana danna Preview kana kallon wuri mafi tsananin bambanci, ba ido ko gemu ba. Wurin da nake dubawa a hotunan biki shi ne wuyan riga, inda farar shadda ta haɗu da fata. Shaddar tana iya kasancewa a 235 tun asali, saura 20 kacal ta ƙone, kuma idan ta ƙone ɗinkin bakin wuyan ya tafi.

Idan ka gyara Radius amma har yanzu farin yana leƙowa, akwai hanyar raba shi da baƙin, tunda baƙin layin ciki ba ya damun ido kamar farin. Ka bar hoton asali a ƙasa, ka yi Duplicate Layer, ka yi wa kwafin Unsharp Mask, sannan ka sake kwafin wannan ɗin. Kwafin farko ka mayar da shi Darken ka bar Opacity a 100. Na sama ka mayar da shi Lighten ka sauke Opacity zuwa 40 ko 50. Duhun gefe ya tsaya da ƙarfinsa, farin ya ragu da rabi. Masu GIMP za su ga Darken only da Lighten only, kuma su kula, a can Amount 0.5 shi ne 50 na Photoshop.

Kafin duk wannan, buɗe hoton asali ka zuƙo bakin hular. Idan JPEG ne kai tsaye daga kyamara ko waya, sau da yawa an riga an yi masa kaifi a ciki, siririn layin yana nan tun kafin ka taɓa shi, naka ninka shi kawai yake yi. In haka ne, sauke Sharpness a cikin kyamarar ko ka koma ɗauka da RAW, wannan hoton kuma ka yi masa Layer Mask ka goge kaifin daga bakin hular da kafaɗa, ka bar shi a ido da aikin riga.