Sharhi: Kamfanin da ya rubuta mana bidiyon horar da ma'aikata da Hausa, Turanci da Buroka

Ni ne mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa, inda muke buga bokiti, buta da kujeru. Bana muka ba wani ƙaramin kamfani na nan Kano kwangilar rubuta mana bidiyon horarwa da kuma haɗa shi a harsuna 3: Hausa domin yawancin masu aiki a kan inji, Buroka domin 'yan'uwanmu da suka zo daga Kudu da Binuwai, sai Turanci domin injiniyoyi da masu zuwa duba aiki. An ɗan jima ana nuna wa sababbin ɗauka bidiyon, don haka zan iya faɗin ra'ayina da hujja. Wajen rubutu da daidaita kalmomi sun yi aikin da ya fi abin da na zata. Wajen ɗora murya da rubutun ƙasan allo kuwa sai da muka kai ruwa rana.

Bidiyon na minti 6 ne, kuma a kan aiki ɗaya tak yake, wato yadda ake buɗe injin niƙa roba idan ya shaƙe. Wannan injin shi ake zuba wa ragowar roba da kayan da suka fito da aibi, wuƙaƙen da ke juyawa a cikinsa su farfasa su a sake narkarwa. Ƙa'idar buɗe shi ba ta da wuya. Mutum zai tsayar da injin, ya je babban makunni ya yanke lantarki, ya sa kwaɗonsa a jikin makunnin, ya rataya katin da ke ɗauke da sunansa, ya jira wuƙaƙen su tsaya cik domin suna ci gaba da juyawa bayan an tsayar, sannan ya danna maɓallin tayarwa ya tabbatar injin bai motsa ba. Sai bayan duk wannan hannu zai shiga ciki. Dokar masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum a kan inji mai haɗari ba tare da an yi masa cikakken bayanin haɗarin da yadda zai kare kansa ba, kuma bayanin da mutum ya ji da wata ma'ana daban ban ɗauke shi bayani ba.

Na tura musu takardar ƙa'idarmu ta Turanci. Malamar da ke jagorantar aikin ta ce ba za ta rubuta ko layi ɗaya ba sai ta shigo ta ji bakin masu aikin. Ta zo da littafi a hannu, ta tsaya gefen injin da wani dattijo da ya daɗe a kansa.

"Baba, idan aka ce maka ka kashe inji, me kake yi?"

Ya nuna jan maɓallin nan mai kewayen ruwan ɗorawa da aka rubuta wa EMERGENCY STOP. "Wannan nake dannawa, 'yata, nan take yake tsayawa."

Wani matashi daga cikin masu aikin dare ya sa baki. "Ai Hajiya, in an ɗauke wuta ma a kashe yake."

Waɗannan amsoshi biyu su suka zama ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Jan maɓallin nan, tsayar da inji kawai yake yi, lantarki na nan a jikin injin, kuma wani na iya zuwa ya saki maɓallin ya tayar alhali hannunka na ciki. Maganar matashin ta fi tayar mini da hankali. Duk mai aiki a masana'antar Kano ya san ana ɗauke wuta a koma kan janareta, a dawo da ita a sake juyawa. Injin da ya yi shiru saboda an ɗauke wuta bai rabu da layi ba, kuma wanda ke ɗakin janareta bai san ka buɗe murfi ba. Ga shi "kashe" ɗaya muke faɗa wa abubuwa uku: danna maɓalli, sauke babban makunni, da ɗaukewar wuta. "Wuta" ita ma haka, ita ce lantarki, ita ce gobara. "A kashe wuta" a bakin wani umarni ne a sauke makunni, a kunnen wani kuwa a ɗauko tukunyar kashe gobara. Buroka ma tana da irin nata, domin kalma ɗaya suke amfani da ita ga tsayarwa da yankewa, kuma lantarki da fitila sunansu ɗaya.

Abin da suka yi shi ne jadawalin kalmomi a Excel kafin a fara rubutu. Kowane layi abu ɗaya ne ko aiki ɗaya. Akwai hotonsa da aka ɗauka a wurinmu, da abin da aka rubuta a jikin injin harafi da harafi, da kalmar da aka amince da ita a kowane harshe, sannan gida na ƙarshe wanda na fi ganin amfaninsa: kalmomin da aka hana. A Hausa aka tsayar da cewa danna maɓalli "tsayar da inji" ne, sauke babban makunni "yanke lantarki" ne, kuma "kashe" ba za ta fito ba sai tare da gobara. "Wuta" an cire ta daga bidiyon kwata-kwata, ko dai a ce lantarki ko a ce gobara. Ni da injiniyan lantarki da shugabannin aikin rana da na dare duk muka sa hannu a jadawalin kafin su ci gaba.

Na yaba da cewa ba su ɗauko mana Hausar labaran rediyo ba. Inda ma'aikata ke da kalmarsu kuma ba ta da harshen damo, an bar ta: kwaɗo, belt ɗin da suke kira bel, janareta, murfi. Inda rubutu yake a jikin inji, kamar ON da OFF na babban makunni, ba a fassara shi a allo ba. Kyamara na nuna shi yadda yake, murya kuma tana cewa "juya hannun zuwa inda aka rubuta OFF", domin abin da idon mutum zai gani ke nan idan ya tsaya gaban makunnin. Sun kuma zaɓi "ka" maimakon "ku" a duk umarnin, da hujjar cewa kwaɗo na mutum ɗaya ne. Idan mutum biyu za su buɗe inji, kwaɗo biyu za a gani. Da an ce "ku sa kwaɗo", kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ya sa.

Rubutun kansa gida-gida ne. Kowace fitowa tana da lamba, da abin da kyamara ke nunawa, da tsawonta a daƙiƙa, da maganar kowane harshe a jere. Fitowa ta 9 misali, hoton hannu ne yana sauke makunni yana sa kwaɗo. Hausarta ita ce: "Yanke lantarki daga babban makunni, ka sa kwaɗonka, ka jefa makullin a aljihunka." Kalma 13 ce. Suna lissafin kimanin kalma 2 a daƙiƙa domin mai kallo ya samu damar bin hannu da ido, wato kusan daƙiƙa 7, suka ƙara 2 na shiru, fitowar ta zama 9. Turancin wannan layin ya fi gajarta, don haka da Hausa aka auna tsawon kowace fitowa, sauran harsunan suka zauna a ciki da sarari. Wanda ya yanka hoto a kan Turanci zai tilasta wa mai muryar Hausa ya yi ta gudu, kuma a irin wannan gudun ne ake yar da "ka jefa makullin a aljihunka", alhali shi ne ke hana wani buɗe kwaɗon.

Sun gwada rubutun ta hanya biyu. Sun ba wani da bai taɓa ganin takardarmu ba Hausar da Burokar ya mayar da su Turanci, aka kwatanta da asali. Sannan aka karanta wa sababbin ma'aikata rubutun ba hoto, aka ce su nuna da hannu abin da suka ji. A nan aka gano "jira injin ya tsaya" ba ta isa ba, domin da ƙara ta ragu suke miƙa hannu ga murfi. Aka mayar da ita "jira har ƙarar wuƙaƙen ta ɗauke gaba ɗaya".

To sai ɓangaren da raina ya ɓaci. Mai muryar Buroka gwani ne, muryarsa da daɗi, amma ya saki baki a ɗakin ɗaukar murya, ya koma kalmar da ya saba da ita a wurin yanke lantarki, wadda jadawali ya hana. Babu wanda ya zauna da shi da jadawalin a hannu, kuma da ba don wani ma'aikacinmu ɗan Binuwai ya ja hankalina ba, da haka za a yi ta nunawa. Kamfanin da ya sha wahalar tsara kalmomi bai kamata ya bar su su zube a mataki na ƙarshe ba. Sun sake ɗauka ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma ya ja mana jinkiri, ga sababbin ɗauka suna jira.

Rubutun ƙasan allo ma ya zo da matsala. A kwamfutar editansu lafiya lau yake, amma a talabijin ɗin ɗakin horarwarmu duk inda ƙ, ɗ ko ɓ take sai wani ɗan akwati ya fito, "kwaɗo" da "maɓalli" suka zama ba sa karantuwa. Fayil ɗin SRT ɗin, wato wanda ke ɗauke da rubutun ƙasan allo, daidai yake, an adana shi da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke karɓar haruffanmu, salon haruffan talabijin ɗin ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Shawarar farko da editan ya kawo ita ce a cire lanƙwasar, na ƙi, domin mai koyon karatu da ƙyar ba a ƙara masa wahala. A ƙarshe aka manne rubutun a jikin hoton da salon da ke ɗauke da haruffanmu. Illar hakan ita ce duk ranar da muka sauya kalma sai an sake fitar da bidiyon.

Kuɗinsu ya fi na masu ɗaukar bidiyon da muka tambaya a Zoo Road, kuma kusan duk bambancin na zaman jadawali ne da gwaji. Zan sake ba su aiki, bidiyon gobara ne ke gaba, amma da sharaɗi a rubuce: jadawalin Excel ɗin namu ne kuma za a miƙo shi yadda za mu iya gyarawa, mutuminmu zai zauna a ɗakin ɗaukar murya na kowane harshe, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an kunna bidiyon a talabijin ɗin da za a riƙa nuna shi. Jadawalin da ke hannunmu tuni muka fara gyara allunan gargaɗin da ke jikin bango da shi, domin har yanzu akwai guda biyu kusa da injin niƙa da ke cewa "kashe wuta kafin ka buɗe".