Cire kuɗi sau goma ko sau biyar?

A ce malamin makaranta yana kashe naira 100,000 tsaba a wata, kullum daidai wa daida. Kowane zuwa wurin mai POS na cin naira 200, kuɗin da ya bari a asusu kuma na kawo ribar kashi 1 cikin ɗari a wata.

In ya riƙa cirar 10,000, zai je sau goma, caji 2,000. Abin da ke aljihunsa a matsakaici rabin abin da ya cira ne, 5,000, ribar da ta wuce shi naira 50 kacal. Jimla 2,050.

In ya cire 50,000 sau biyu kuwa, caji 400, ribar da ya rasa 250, jimla 650.

Sau biyar fa? Ya kai 1,100, har yanzu da tsada. Masanin tattalin arziki William Baumol ya kawo ma'aunin gano cirar da ta fi sauƙi a 1952:

```
C = √(2bT / i)
```

C adadin da za a riƙa cira a kowane zuwa ne, T kuɗin wata, b cajin zuwa ɗaya, i kuma riba. Lissafin ya ba da kusan 63,000, wato zuwa biyu ya fi kusa. Sai dai ma'aunin ya ɗauka caji ba ya canzawa, alhali mai POS yakan ƙara caji in kuɗin ya yi yawa, kuma bai san da ɗan sane ba.